Lissafin Gogayyar Ruwa a Cikin Bututu: Yadda Ake Samun Amsa ta Hanyar Maimaitawa

Gabatarwa

A ce wata makarantar kwana tana son tura ruwa daga rijiya zuwa tanki. Tsakanin rijiyar da tankin akwai tafiyar mita 500, tankin kuma yana bisa hasumiya mai tsawon mita 10. Mutumin da bai san sha'anin ruwa ba zai ce ai abin da sauƙi, a sayo injin da zai iya ɗaga ruwa mita 10, shi ke nan. In aka bi shawararsa, to, an yi asarar kuɗi, domin ruwan da zai isa tankin ba zai kai yadda ake bukata ba. Dalili kuwa shi ne, ruwa ba ya wucewa cikin bututu kyauta. Yana gogar jikin bututun, yana kuma gogar kansa da kansa, wannan gogayya kuwa tana cinye wani kaso na ƙarfin da injin ya ba shi.

A wannan maƙala za mu ga yadda ake auna wannan asara. Za mu tarar da wata ƙa'idar lissafi mai taurin kai, wadda dabarun aljabara da aka saba koyarwa a aji ba sa iya warware ta. Sa'an nan za mu warware ta da hannu, daga baya mu ɗora wa kwamfuta aikin cikin harshen Python.

Asarar da gogayya take jawowa

Injiniyoyi suna auna asarar ne da mita, wato su ce gogayyar ta yi daidai da a ƙara wa hasumiyar tsawon mita kaza. Ƙa'idar da suke amfani da ita tana ɗauke da sunayen Darcy da Weisbach, masana biyu na ƙarni na 19, ɗaya Bafaranshe ɗaya Bajamushe. Ga ta:

```
h = f * (L / D) * v**2 / (2 * g)
```

A nan h ita ce asarar, L tsawon bututu, D faɗin bakinsa daga ciki, v saurin ruwa, g kuwa ƙarfin jan ƙasa, wato 9.81. A misalinmu bututun na ƙarfe ne sabo, faɗin bakinsa mita 0.1, ruwa kuma yana gudu mita 2 a kowace daƙiƙa, wanda ya kama kimanin lita 16 ke nan a daƙiƙa. Duk waɗannan ana iya auna su ko a zaɓe su. Saura harafi ɗaya, wato f, wanda za mu riƙa kira ma'aunin gogayya. Shi ba a auna shi da awo, sai dai a lissafa shi, kuma a nan gizo yake saƙar.

Abubuwa biyu ne suke yanke girman f. Na farko shi ne yanayin gudun ruwan. A shekarar 1883 Osborne Reynolds ya yi wani gwaji a Manchester, inda ya riƙa zura siririn zaren rini cikin ruwan da yake gudu a bututun gilashi. Idan ruwan yana tafiya a hankali, zaren yakan miƙe sambal. Idan aka ƙara sauri, sai ya tarwatse ya gauraye da ruwan. Lambar da take nuna wane yanayi ake ciki ita ake kira lambar Reynolds, ana rubuta ta Re. Ana samun ta ne idan aka ninka sauri da faɗin bututu, aka raba da kaurin ruwan. Kaurin ruwa mai zafin digiri 20 ya kai kimanin 0.000001 a ma'aunin mita da daƙiƙa. Saboda haka a misalinmu 2 sau 0.1, a raba da 0.000001, ya ba mu Re = 200,000.

Abu na biyu shi ne kaushin cikin bututu. Ko bututun da hannu yake ji sumul yana da 'yan tuddai da kwaruruka ƙanana. Littattafan injiniya suna ba sabon bututun ƙarfe kaushin milimita 0.045, wato mita 0.000045. Za mu kira wannan da harafin e.

Ƙa'idar da amsarta take ɓoye a cikinta

A shekarar 1939 wani injiniyan Birtaniya mai suna C. F. Colebrook ya buga ƙa'idar da ta haɗa waɗannan abubuwa biyu, bayan gwaje-gwajen da suka yi da C. M. White a London. Ga yadda take:

```
1/sqrt(f) = -2 * log10( e/(3.7*D) + 2.51/(Re*sqrt(f)) )
```

Alamar sqrt tana nufin tushen lamba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da f. Alamar log10 kuwa logaridim ne na goma, irin wanda ɗalibai suka saba dubawa a tebur.

Ya mai karatu, ka dubi ƙa'idar nan da kyau. Abin da muke nema, wato f, yana hagun alamar daidai, yana kuma damanta, a kulle cikin logaridim. Idan ka yi ƙoƙarin fito da shi daga logaridim ɗin, sai na hagun ya koma bisa kan goma ya maƙale a can. Duk yadda ka juya da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ba za ka iya ware f shi kaɗai a gefe guda ba. Kafin ka san f, sai ka riga ka san f.

Magabata sun kauce wa wannan wahala da zane. A shekarar 1944 Lewis Moody na Jami'ar Princeton ya fitar da wani jadawali mai layuka masu lanƙwasa, inda mutum zai bi da yatsa ya karanto f. Har yau ana buga shi a littattafai. Daga baya wasu suka kawo ƙa'idojin kusantar amsa da ba sa bukatar maimaitawa, kamar ta Swamee da Jain a 1976 da ta Haaland a 1983. Amma ita ƙa'idar ta asali ana iya warware ta yadda ake so, in dai an yarda a yi haƙurin maimaita lissafi.

Dabarar maimaitawa

Dabarar ita ce: tunda ba mu san f ba, sai mu yi hasashe. Mu sa hasashen a dama, mu ga abin da zai fito a hagu. Abin da ya fito ba zai yi daidai da hasashenmu ba, amma zai fi shi kusa da gaskiya. Sai mu ɗauke shi mu mayar dama, mu sake lissafi. Haka za mu yi ta yi har abin da muka saka da abin da ya fito su zama ɗaya. Ranar da suka zama ɗaya, ɓangarorin ƙa'idar biyu sun daidaita, mun sami amsa ke nan.

Domin aikin ya yi sauƙi, bari mu raɗa wa 1/sqrt(f) suna x. Mu kuma lissafa abubuwa biyun da ba sa canzawa tun da farko. Na ɗaya, a = e/(3.7*D), wanda ya ba mu 0.00012162. Na biyu, b = 2.51/Re, wanda ya ba mu 0.00001255. Yanzu ƙa'idar ta taƙaita ta zama haka:

```
x = -2 * log10(a + b*x)
```

Mu fara da hasashen f = 0.02, domin bututun ruwa da yawa ba sa nisa da wannan. Tushen 0.02 shi ne 0.14142, saboda haka x na farko ya zama 7.0711.

Zagaye na ɗaya: b sau 7.0711 ya ba da 0.00008874. A tara da a, a sami 0.00021036. Logaridim ɗin wannan shi ne −3.67703. A ninka da −2, sabon x ya zama 7.3541. Don a koma ga f, sai a ninka x da kansa, a raba 1 da abin da aka samu: f = 0.018490.

Zagaye na biyu: yanzu 7.3541 za mu saka. A cikin baka za a sami 0.00021392, logaridim ɗinsa −3.66976, sabon x kuwa 7.3395, wato f = 0.018564.

Idan aka ci gaba, ga abin da za a gani:

```
zagaye     x         f
  0      7.0711    0.020000
  1      7.3541    0.018490
  2      7.3395    0.018564
  3      7.3403    0.018560
  4      7.3402    0.018560
```

Daga zagaye na uku f ya daina motsi yadda ido zai gani. Amsarmu ita ce 0.01856. Mu mayar da ita cikin ƙa'idar farko: L/D ya ba da 5,000, ɗaya ɓangaren kuma 4 a raba da 19.62, wato 0.2039. Idan aka ninka ukun, h ya kama mita 18.9. Ashe gogayya kaɗai ta kusan ninka tsawon hasumiyar sau biyu. Injin da makarantar take bukata sai wanda zai iya tura lita 16 a daƙiƙa zuwa tsawon kimanin mita 29, ban da zurfin rijiyar da kuma asarar da ake yi a gwiwoyin bututu da makullai.

Me ya sa lissafin yake tsayawa?

Ɗalibi mai lura zai yi tambaya: wa ya ba mu tabbacin cewa kowane zagaye zai matso da mu kusa, ba nesa ba? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin jadawalin. A zagaye na ɗaya x ya motsa da 0.283. A na biyu ya motsa da 0.0145, a na uku da 0.00074. Kowane motsi kimanin kashi ɗaya ne cikin ashirin na wanda ya gabace shi. Za a kuma lura cewa x yana tsallake amsar ne, sau ɗaya ta sama, sau ɗaya ta ƙasa, kamar lilon da yake rage kaiwa da komowa har ya tsaya.

Asirin yana ga logaridim. Halinsa ne ya danne bambanci: lamba sai ta ninku sau goma kafin logaridim ɗinta ya ƙaru da ɗaya tak. Don haka idan hasashenmu yana ɗauke da kuskure, kuskuren yakan shiga logaridim da girmansa ya fito a ƙanƙance. Masu ilmin kalkulas za su iya nuna cewa a kusa da amsa, kowane zagaye yana ninka kuskuren da 0.87*b/(a + b*x), wanda a misalinmu ya kama 0.051. Wannan adadi ba ya taɓa wuce 0.87/x. A bututun da ake aiki da su x yakan faɗa tsakanin 3 da 11, saboda haka adadin yana ƙasa da ɗaya nesa ba kusa ba. Muddin kuwa yana ƙasa da ɗaya, kuskure raguwa zai yi ta yi.

Wannan ya sa hasashen farko ba shi da wani nauyi sosai. Ko da mun fara da f = 0.1, wanda ya fi gaskiya sau biyar, zagaye na ɗaya zai ba mu 0.0174, na biyu 0.0186. Sannu ba ta hana zuwa, a nan ma ko daɗewar ba a yi.

Ɗora wa kwamfuta aikin

Maimaita abu ɗaya ba gajiya shi ne aikin da kwamfuta ta fi gwaninta a kai. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fara fitarwa a 1991, kyauta ake samunsa, kuma ga dukan abin da muke bukata:

```python
import math

def gogayya(Re, e, D, f=0.02):
    if Re < 2300:
        return 64 / Re
    a = e / (3.7 * D)
    b = 2.51 / Re
    x = 1 / math.sqrt(f)
    for zagaye in range(50):
        sabo = -2 * math.log10(a + b * x)
        if abs(sabo - x) < 1e-6:
            return 1 / sabo**2
        x = sabo
    raise ValueError("lissafi bai tsaya ba")

print(round(gogayya(200000, 0.000045, 0.1), 5))
```

Idan aka gudanar da shi, allo zai nuna `0.01856`, daidai da abin da muka samu da hannu.

Mu bi layukan. Layukan `a`, `b` da `x` su ne shirin da muka yi kafin zagaye na ɗaya. Layin `for` yana umartar kwamfuta ta maimaita abin da yake ƙarƙashinsa, amma kada ta wuce sau 50. Layin `sabo` shi ne ƙa'idar Colebrook kanta. Layin da yake biye da shi yana tambaya ko bambancin sabon x da tsohon ya gaza kashi ɗaya cikin miliyan, wanda shi ne ma'anar `1e-6`. In ya gaza, sai a juya x ya koma f a miƙa amsa. In bai gaza ba, layin `x = sabo` zai mayar da sabon ya zama tsoho, a sake zagayawa. A misalinmu sau shida ake zagayawa.

Akwai hikima a abubuwa biyu a nan. Ba mu ce wa kwamfuta ta jira sai lambobin biyu sun zama ɗaya cif ba, domin tana ajiye lambobi masu ɗigo ne da iyakantattun gurabe, kuma jiran daidaito cif yana iya zama jiran gawon shanu. Haka nan mun sa iyakar zagaye 50, domin in wani abu ya lalace, shirin ya tsaya ya faɗa, maimakon ya yi ta juyawa ko ya miƙo amsar banza.

Kurakurai huɗu da yadda ake gane su

Na farko shi ne rubuta `math.log` a maimakon `math.log10`. A Python, `math.log` logaridim ne na wani tushe dabam, ba na goma ba. Haɗarin wannan kuskure shi ne kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Lissafin zai tsaya lafiya lau, ya ba da f kimanin 0.0039, asara kuma mita 4 kacal. Wanda ya gaskata wannan zai sayo ƙaramin inji ya yi da-na-sani. Yadda za a gane shi ne, a jadawalin Moody f na ruwa mai hargitsi yana tsakanin 0.008 da 0.1. Duk amsar da ta fita daga nan abar tuhuma ce.

Na biyu shi ne cakuɗa ma'aunai. Littattafai sukan ba da kaushi da milimita, alhali mun rubuta D da mita. Wanda ya saka 0.045 a maimakon 0.000045 ya gaya wa kwamfuta cewa tuddan cikin bututun sun kusan kai rabin faɗinsa. Za ta ba shi f kimanin 0.30 da asarar fiye da mita 300. Maganin wannan shi ne a riƙa duba e/D kafin a fara. A misalinmu 0.00045 ne, jadawalin Moody kuwa a 0.05 ya tsaya.

Na uku shi ne juya ƙa'idar ta baibai. Aljabara ta yarda a warware logaridim ɗin a rubuta `x = (10**(-x/2) - a) / b`. Wannan da waccan ƙa'ida ɗaya ce, amsarsu ma ɗaya. Amma gwada maimaita ta daga 7.0711: za ka sami 13.5, sa'an nan −9.7, sa'an nan fiye da biliyan 5. Dalili shi ne, a wannan juyin kuskure ninkuwa yake yi kimanin sau ashirin a kowane zagaye, kishiyar abin da muka gani ɗazu. Darasin da yake nan babba ne: ba kowane juyi ne yake kai mutum gida ba. Don a gane, sai a sa `print(zagaye, sabo)` a ƙarƙashin layin `sabo`, a ga ko lambobin matsowa suke yi ko bajewa. A irin wannan hali ne iyakar zagaye 50 take ceton mutum.

Na huɗu shi ne amfani da ƙa'idar inda ba hurumin ta ba. An gina ta ne domin ruwa mai hargitsi, wato inda Re ya haura kimanin 4,000. Idan Re bai kai kimanin 2,300 ba, ruwan a natse yake tafiya, kaushi ba ya tasiri, f kuwa 64/Re ne kawai, ba sai an maimaita komai ba. Irin wannan gudu ne jini yake yi a ƙananan jijiyoyi, kuma likitan nan Bafaranshe, Poiseuille, ya yi nazarinsa a siraran bututu a shekarun 1840. A Re = 500 amsar gaskiya 0.128 ce, amma ƙa'idar Colebrook za ta ba da kimanin 0.08 ba tare da ta nuna alamar ta kauce ba. Abin da ya sa muka sa layin `if Re < 2300` ke nan. Tsakanin 2,300 da 4,000 kuwa ruwan yakan yi ta sauya hali, shirinmu zai ba da lamba, amma kada a dogara da ita.

Iyakar amsar

Kada yawan lambobin da suke bayan ɗigo ya ruɗe mu. Kwamfuta ta warware ƙa'idar daidai, amma ita ƙa'idar daga gwaji aka tsara ta, kaushin da muka saka kuma matsakaici ne daga littafi. Bututun ƙarfe yakan yi tsatsa, ƙura da gishirin ruwa su manne a cikinsa. A ce bayan shekaru kaushin ya ninku sau goma ya zama milimita 0.45. Shirinmu zai ba da f = 0.0299, asarar kuma ta tashi daga mita 18.9 zuwa mita 30.5. Injin bai canza ba, tsawon bututu bai canza ba, amma ruwa ya ragu a tanki. Don haka injiniya mai hankali yakan yi lissafin sau biyu, na sabon bututu da na tsoho, kafin ya zaɓi inji.

Kammalawa

Ga aiki ga ɗalibai da malamansu. A ƙasashe masu zafi ruwan bututu yakan kai digiri 30, inda kaurinsa yake sauka zuwa kimanin 0.0000008. A sake lissafa Re na bututun makarantar nan, a yi zagaye uku da hannu daga hasashen 0.02, sa'an nan a gwada da shirin. Wanda ya bi matakan daidai zai sami Re = 250,000 da f kimanin 0.0182. Daga nan sai a kwatanta wannan ɗan sauyi da wanda tsatsa ta kawo, a yanke hukunci: tsakanin zafin ruwa da kaushin bututu, wanne ne ya fi cancanta mai tsara aikin ruwa ya sa wa ido?